Ranar da Na Ji Muryata a Wayar Baƙo

Ni ba mai ilimi ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Allo na riƙe shi har malamin ya gaji da ni, boko kuma rani ɗaya na yi a ajin yaƙi da jahilci, na fito da sunana da rabin sunan ubana. Abin da Allah ya ba ni a wadace baki ne. Shi ya sa da ɗana mai gadi a Legas ya aiko mani da babbar waya, aka nuna mani inda ake dannawa a yi magana ta tafi, sai na ji kamar an ba akuya mabuɗin rumbu.

Masallacinmu yana da guruf a waya. Malam Liman ne ya ce a buɗe, malamin firamaren garinmu kuma shi ne admin, wato mai mabuɗin zauren, shi ke sa mutum shi ke cirewa. An buɗe shi don sanarwar jana'iza da suna da lokacin tafsiri da ganin wata. Amma ƙauyenmu yana tsakanin Mabai da bakin daji, kuma tun da 'yan bindiga suka saba da hanyarmu guruf ɗin ya ƙara wani aiki. In wani ya hangi babura, nan yake faɗa. Saboda haka ba mai kashe ƙarar wayarshi in zai kwanta. Waya ta yi kuka da dare, ba ka tsaya neman takalmi.

A cikin guruf ɗin akwai Alhaji mai sayar da taki. Taubashina ne, uwarshi da ubana ciki ɗaya. Tun muna tsirara muke zagin juna, ya kira ni bawanshi in kira shi ɓarawon gero, kuma duk garin sun san ko gaban gawa muka haɗu sai mun taɓa. Shi Alhaji yana da wata baiwa: in yana tsokana ba ya dariya. Sai ya gyara murya kamar mai ba da shaida gaban alƙali.

Gonata ita ce ta ƙarshe kafin daji, kuma sabis ba ya kaiwa can. Ko cikin gari sai ya ga dama. In ka yi saƙo babu sabis, ba ɓacewa yake ba, zama yake da ɗan hoton agogo a gefenshi yana jira, duk sa'ar da sabis ya leƙo sai ya tafi da kanshi. Ni ban san haka ba. A zatona in bai tafi ba ya mutu.

Wata rana da damina, masara ta fara bunni, na tsaya a gona da hantsi na yi wa Alhaji saƙon murya cikin guruf, na ce ya zo ya ga masarar da takinshi ya mayar rawaya kamar mai shawara. Na yi na biyu, na yi na uku, don abin ya yi mani daɗi. Na dawo gida, na ci tuwo, na kwanta. Sabis bai tashi zuwa ba sai tsakar dare, sai saƙonnin suka fita a jere.

Da asuba na tarar da masallaci kamar an yi rasuwa. Maƙwabcina ya kwana cikin dawa da iyalinshi, matarshi ta gurɗe ƙafa wurin tsallake katanga. Wani dattijo ya ɓuya a rumbu har aka kira salla. Duk sun ji waya ta yi kuka sau da yawa a jere, ba wanda ya tsaya saurare sai da ya kai inda zai ɓuya, ya kara a kunne, sai ya ji ni ina maganar masara.

Na ba da haƙuri, na rantse cewa da hantsi na yi su. Wasu suka yarda, wasu suka ce to wa ya aiko su da dare, aljani? Gardamar ta bar masallaci ta koma cikin guruf, kuma kafin azahar ta bar kaina ta shiga wasu wurare. Wannan ya ce tsorata musulmi haramun ne, wancan ya ce wa ya naɗa ka mufti, wani ya tono rikicin limancin da aka binne tun tuni. Ana cikin haka wani ya turo saƙon murya daga wani guruf, mai ɗan kibiyar nan a sama da ke nuna turowa aka yi. Ba a san mai maganar ba, ba a san garin ba. Cewa yake a yi hattara, an gano akwai tsofaffi masu gona a bakin daji da ke tashi da dare suna buga wa mutanen daji waya, su ne infoma.

Sai Alhaji ya ga ƙofa. Ya gyara muryar nan tashi ya ce:

"Jama'a, ba sai an je nesa ba. Namu infoman yana nan. Tsoho ne mai ɗingishi, gonarshi ce ta ƙarshe wajen daji ta yamma da Mabai, kowa an kore shi daga gona ban da shi. Kun ga dai da tsakar dare yake aiki da waya."

Na yi dariya har na ƙware. Na danna na ce:

"Ka tona mani asiri ko? To ka shirya. Daren yau gidanka zan turo su, na riga na gaya masu ɗakin da kake kwana."

Guruf ya ɗauki dariya, gardama ta mutu, har na ji ina alfahari ni na kashe ta.

Ranar kasuwar Ƙanƙara na hau mota na tafi sayen maganin feshi. Na zauna wurin wani mai shayi da ban sani ba, bencin cike da baƙi. Ban kai ga buɗe baki ba sai na ji Alhaji yana magana a bayana. Na waiga da zagi a bakina, sai na ga ba shi ba ne, wani saurayi ne riƙe da waya, mutane sun sunkuya kanta. Muryar Alhaji ta ƙare. Sai tawa ta biyo.

Ban taɓa jin muryata daga nesa ba. Ashe haka take, a shaƙe, kamar ta mugu. Dariyar da na yi kafin in danna ba ta shiga ba. Abin da ya shiga kawai shi ne wani tsoho yana cewa ya gaya masu ɗakin da mutum yake kwana.

"Ka ji ko kunya babu," in ji wani mai jar hula.

"Wane gari ne?"

"An ce yamma da Mabai. 'Yan sa-kai na nemanshi. Mai ɗingishi ne."

"Irin waɗannan ba a kai su ofis. Ka kai shi, gobe ka gan shi a kasuwa."

Mai shayi ya dube ni ya ce, "Baba, mi za a haɗa maka?"

Na ɗaga yatsa na nuna gwangwanin madara. Ya ce da burodi? Na gyaɗa kai. Ni da matata ke cewa ko cikin barci ina ba da labari, na zama bebe. Mai jar hula ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba, Baba? Ku ne manya." Na cika baki da burodi na gyaɗa mashi kai, na yarda a kashe ni.

Shayin ya ƙare, kuma tashi ya gagare ni, don in na tashi za a ga tafiyata. Ƙafar nan tun ina saurayi amalanke ya taka ta. Na zauna ina juya kofi babu komai ciki har bencin ya watse, sa'an nan na miƙe na bi bayan wani mai turin baro ina dafa kayanshi kamar nawa ne. Maganin feshi ban saya ba. A mota na yi kamar ina barci, kwandasta ya tambaye ni inda zan sauka na nuna mashi da hannu.

Ban shiga gida ba, zauren Malam Liman na wuce. Na tarar da malamin firamare a can, da Alhaji zaune a ƙasa ya cire hula. Ashe labari ya riga ni. Wani daga cikinmu, har yau bai faɗi kanshi ba, ya tura muryoyin biyu ga ɗan'uwanshi don ya yi dariya, shi kuma ya tura gaba. Da safiyar ranar wasu 'yan sa-kai na wani gari sun tsaya bakin tasha suna tambayar gidan tsoho mai ɗingishi. Mai faci ya ce masu bai san shi ba, Allah ya saka mashi.

Na ce wa malamin firamare, "Malam, ka goge. Kai ke da mabuɗi."

Ya ce, "Baba, na goge na cikin guruf ɗinmu tun ɗazu. Wanda ya fita ba hannuna a kai. Kowace waya da ya shiga, nata ne."

"To ba a ganin wanda ya yi maganar? Su ga sunan Alhaji, su tambaya, a ce masu taubashina ne."

"In an tura saƙo gaba ba ya tafiya da sunan mai shi. Murya ce kawai."

Alhaji ya ɗago ya ce, "Wallahi wasa nake."

Malam Liman ya ce, "Mu mun sani, Alhaji. Wanda ke Faskari ya san uwarka?"

Bayan la'asar dattawan masallaci suka taru a zauren, aka ce sai an kafa doka. Ni ina gefe ina saurare. Maƙwabcina, wanda matarshi ke kwance da ƙafa, ya ce a rufe guruf daga isha'i zuwa asuba, yadda admin kaɗai zai iya magana, tunda malamin firamare ya ce ana iya yin haka. Mutane suka fara gyaɗa kai. Sai dattijon da ya kwana a rumbu ya ce, "In na hangi babura da dare fa? In tashi malam daga barci ya buɗe mani, ko in ce masu su jira?" Aka bar wannan.

Sai wani ya ce abin da nake tsoro. Ya ce a cire ni da Alhaji daga guruf, ya zama darasi.

Na rarrafa gaban Malam Liman. Na ce, "Malam, ka yi mani bulala a ƙofar masallaci, na yarda. Amma kada a cire ni yau. In aka cire mutum, rubutu yake fitowa kowa ya gani, an cire wane. Gobe a ce masallacinsu ma ya kore shi. Wa zai tsaya tambayar dalili?"

Malam Liman ya ce a bar maganar cirewa. Sa'an nan ya ce wa malamin firamare ya rubuta. Yana faɗa ana rubutawa, ana gyarawa, wani ya ce a ƙara kaza, Malam ya ce a'a, in ta yi tsawo ba mai karantawa. Da aka gama aka manna ta a saman guruf yadda duk wanda ya buɗe ita zai fara gani. Don irina kuma Malam ya karanta ta da bakinshi aka sa. Na saurare ta har na haddace, ita ce kaɗai karatun da ya taɓa zama a kaina ba duka:

"Assalamu alaikum jama'ar masallaci. Wannan zaure na sanarwar masallaci ne da kiyaye rayukanmu. Daga yau kada kowa ya turo abin da aka turo mashi daga wani wuri, murya ko hoto ko wa'azi, ko da an ce wanda bai tura ba zai ga masifa. In kana ganin yana da amfani, ka aika wa admin shi kaɗai, a bincika. Abin da aka faɗa a nan kuma kada a fitar da shi waje. Ba a gardamar addini a nan, mai tambaya ya same ni bayan salla. Ba a kiran kowa infoma ko ɓarawo, da gaske ko da wasa, ko taubashinka ne. Mai zargi ya zo gabana da mai gari ya faɗa da bakinshi. Daga isha'i zuwa asuba ba a sa komai sai haɗari, kuma sai wanda ka gani da idonka ko ka ji da kunnenka, ka faɗi sunanka da inda kake. Rasuwa ma ta jira asuba. Wanda ya yi saƙo bai tafi ba, ya goge shi kafin magariba. Wanda ya saɓa za a kira shi a yi mashi magana, in ya sake a cire shi."

Daga nan Malam ya ƙara wata magana dabam. Ya faɗi sunanshi da sunan masallaci, ya ce muryoyi biyu da ke yawo na 'ya'yan wa da ƙanwa ne masu wasan taubasantaka, shi ya san su tun suna yara, kuma tsohon yana hannunshi, mai magana ya zo. Ya sa Alhaji ya maimaita da muryar nan tashi. Ya ce wannan kaɗai a tura ko'ina, duk inda na farko ya je.

Na ce, "Malam, doka ba ta yi sallar magariba ba ka karya ta."

Ba wanda ya yi dariya. Ni ma ban san dalilin da ya sa na faɗa ba, baki ne.

Malam ya hana ni kwana gida. A zaurenshi na zauna, matata na aiko da tuwo, ba na fita sai salla, kuma a sahun gaba, tsakanin mutane. Duk babur da ya wuce sai in kasa kunne. Ina jin yara na wasa a waje ina tunanin wa zai gaya wa ɗana na Legas, kuma da wace waya.

'Yan sa-kan sun zo da rana tsaka, su biyu bisa babur ɗaya, da bindigogi a rataye. Babbansu ba yaro ba ne, yana da furfura a gemu. Ya yi sallama, ya cire takalmi, bai ajiye bindigar ba. Malam ya aika aka kira mai gari da Alhaji da malamin firamare.

Mutumin ya ce saƙon Malam ya iso gare su, shi ya sa ya zo ta ƙofa. Ya fiddo waya ya kunna muryata a gabana. Ya ce, "Baba, kai ne?"

Na ce ni ne. Muryar da ta fito daga bakina ko kaza ba za ta tsorata ba.

"Wa ka gaya wa ɗakin da yake kwana?"

"Ranka ya daɗe, ni kaina ban san ɗakin da yake kwana ba. Mata uku gare shi."

Ya dube ni, bai yi murmushi ba. Ya juya ga Alhaji ya sa shi ya lissafo dangantakarmu, ya sa ni na lissafo tawa, mai gari ya tabbatar. Ya tambayi yadda aka yi kowa ya bar gonar bakin daji ban da ni. Na ce ba ni da wata, kuma sau biyu ina barin garma in gudu, a tambayi kowa. Sai ya zo kan maganar dare. Malamin firamare ya karɓi wayata ya buɗe guruf, ya nuna mashi saƙonnin masara, a tawa suna ɗauke da lokacin hantsi, ya nuna mashi a tashi wayar inda suka iso da tsakar dare. Mutumin ya karɓa ya duba kiran da na yi da waɗanda aka yi mani, ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wannan wane ne. Ɗana, matata, mai faci, Alhaji, Alhaji, Alhaji.

Ya miƙo mani wayar. Ya ce shi ma yana da taubashi, ya san abin. Ya ce zai gaya wa mutanenshi, kuma ba wanda zai taɓa ni daga wajensu. Har na fara hamdala, sai ya tsaya bakin ƙofa yana sa takalmi ya ce:

"Amma Baba, ba mu kaɗai muka ji ba. Ni daga wajen Sabuwa aka turo mani, su ma turo masu aka yi. Na Malam bai kai rabin inda naka ya kai ba. Mutane ba su cika tura irin wannan ba."

Ya roƙi malamin firamare ya aika mashi da dokar, ya ce su ma guruf ɗinsu yana bukata. Malamin ya dubi Malam Liman, Malam ya ce a ba shi.

Na koma gida ranar. Dokar tana nan a saman guruf, an kira mutum biyu an yi masu magana, ɗaya kan wani wa'azi da ya turo, ɗaya kan sanarwar ɓatan tunkiya da ya sa bayan isha'i, ba a kai ga cire kowa ba. Ni kafin magariba nake kai wa malamin wayata ya duba ko akwai mai agogo a gefe, don ban yarda da idona ba.

Masarar bana ba ni na kai ta kasuwa ba, Alhaji ne ya ɗora a motarshi ya sayar mani. Ƙanƙara ban sake zuwa ba, Faskari ma da aka yi rasuwar surukin ƙanena aike na yi. In baƙo ya yi sallama a ƙofar gida, matata ke amsawa, ni ina daga ciki ina saurare har in gane ko wane ne.